Saran maciji: yadda ake karanta rauni da kumburi a kan hanyar asibiti

A ƙauyukan Kano da Jigawa saran maciji yana da lokacinsa. Yakan yawaita da faɗuwar damina, sa'ad da ake share gona da shuka, sannan ya sake tasowa da kaka, lokacin cirar gyaɗa, roron wake da ɗaga damin gero da ya kwana a ƙasa. Wani sabon abu da ya shigo cikin lamarin shi ne waya. Da zarar an ce maciji ya sari wani, sai ka ga mutum uku sun durƙusa a kan ƙafar suna haska tocila, kowa yana neman hoton da zai fito sosai, a tura wa ɗan'uwa ma'aikacin lafiya a birni, a zauna jiran abin da zai ce. Wannan zaman jiran shi ne ɓarnar. Raunin sara ba ya faɗin gaskiya a sa'ar farko, kuma abin da ke kashe mutum a saran kububuwa ba ya fitowa a hoto ko kaɗan.

Abin da bakin raunin yake nunawa, da abin da yake ɓoyewa

Kowa ya san zancen huda biyu. Gaskiya ne maciji mai dafi yana da fiƙa biyu a sama, kuma idan ya samu wuri mai laushi yakan bar ɗigo biyu kusa da juna. Amma sau da yawa ba haka ake gani ba. Fiƙa ɗaya ce kawai za ta shiga idan ya sara a karkace. Wani lokaci karce ne kamar na ƙaya. Idan ya sara sau biyu a jere za a ga huda uku ko huɗu. A ƙafar manomi mai kaushi da faso, wadda ta sha ƙura da taɓo, ana iya duba wurin da rana tsaka ba a ga komai ba. Saboda haka rashin ganin huda biyu ba hujja ba ce ta cewa macijin ba shi da dafi. Haka kuma ganinsu ba ya nuna yawan dafin da ya shiga, don maciji yakan sara bai zuba dafi ba. Ba a tantance wannan da ido a gona. Sai an kwantar da mutum a asibiti an sa masa ido na awa 24.

Abu ɗaya a bakin raunin da ya fi siffarsa muhimmanci shi ne jini. Hudar allura ko ta ƙaya takan tsaya da zubar jini cikin 'yan mintoci. Idan aka goge wurin sara, jini ya sake tsatsowa, aka goge ya sake, har bayan rabin awa, to jinin mutumin ya fara daina daskarewa. Wannan aikin kububuwa ne, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙaramar macijiya ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi, launinta na ƙasa da ɗige-ɗige, kuma idan ta fusata takan goga jikinta da jikinta ta yi wani ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Ƙanƙantarta ce ke yaudarar mutane. Dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya yi guda, har jinin ya koma kamar ruwa, alhali mutum yana zaune yana hira, ƙafarsa ba ta kumbura can-can ba. Cikin 'yan awanni, ko bayan kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya ɓalle a dasashi, a fitsari, a cikin ciki ko a cikin kai.

Kasa kuwa ba ta ɓoye aikinta. Zafi mai tsanani nan take, kumburi mai gudu wanda zai iya cinye ƙafa gaba ɗaya har ya hau gangar jiki, fata ta yi tauri tana sheƙi, daga baya bororo ya fito, wani da ruwa wani da jini. Haɗarin farko a nan shi ne ruwan jiki da jini suna tsiyayewa cikin naman ƙafar, har abin da ke zagayawa a jijiyoyi ya ragu. Mutum ya fara jiri, zufa mai sanyi, idan ya tashi zaune ya faɗi.

Gamsheƙa, mai tofa dafi a ido, takan shiga gida da dare neman ɓera, kwaɗo ko 'yan tsaki, ta sari mai barci a tabarma. Wurin yana kumbura da zafi, amma alamarta ta musamman ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya zuwa uku: wani yanki na fatar ya yi duhu fiye da sauran, bororo ya kewaye shi, naman ƙarƙashi ya fara mutuwa. Wanda ya ɗauki hoto a daren da abin ya faru ba zai ga ko alamar wannan ba.

Akwai kuma dangin gamsheƙa da dafinsu ke kama jijiyoyin motsi. A nasu saran ƙafa tana iya zama kusan lafiya lau. Alamar tana fuska: fatar ido ta yi nauyi mutum ya kasa ɗaga ta, gani ya rabu biyu, harshe ya yi nauyi, yawu ya taru ya kasa haɗiyewa, daga nan numfashi ya fara gazawa. Masu kallon ƙafa ta cikin waya su ne na ƙarshe da za su lura.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: a baƙar fata, jan da ke kewaye rauni da kwanciyar jini a ƙarƙashin fata ba sa fitowa sosai. Hasken waya da dare yana ƙara wanke launin, ya kuma daidaita tudu da kwari har kumburi ya ɓace. Yatsa ya fi kyamara gane iyakar kumburi.

Minti goma na farko

A janye mutum daga wurin, a zaunar da shi, a duba agogo. Lokacin da aka yi saran shi ne bayani na farko da za a tambaya a asibiti, kuma shi ake fara mantawa. A rubuta shi a hannun wanda aka sara.

Nan take a tura mutum ɗaya neman abin hawa, ba bayan an gama dube-dube ba. Duk sauran abin da za a yi, a yi shi ne cikin lokacin da ake jiran babur ko mota.

A cire duk abin da ya zagaye gaɓar: zobe, agogo, awarwaro, munduwa, kambu, igiyar laya, takalmi, a kuma warware ƙafar wando idan an naɗe ta. Zoben da ke fita da sauƙi yanzu, bayan awa ɗaya sai an yanka shi, kuma kafin nan ya shaƙe yatsa.

A ɗaure gaɓar da sanda ko kara kamar yadda ake yi wa karaya, sandar ta wuce mahaɗar da ke sama da wadda ke ƙasa da wurin saran. Ɗaurin da zane ko rawani, sakwa-sakwa, yadda yatsa zai shige ƙarƙashinsa. Dalilin shi ne dafi ba ya bin manyan jijiyoyin jini tun farko. Yana bin wasu ƙananan hanyoyin ruwa da ke ƙarƙashin fata, waɗanda motsin tsoka ke tura abin da ke cikinsu. Kowane taku famfo ne. Don haka ba a barin wanda aka sara ya taka zuwa bakin titi, ko da ya ce zai iya. A ɗauke shi, ko a sa shi a amalanke. A kan babur a zauna uku: direba, majinyaci a tsakiya, wani a baya yana riƙe da shi.

Abubuwan da aka saba yi, waɗanda ke ɓata raunin kuma su ɓata karatunsa, su ne ɗaure sama da wurin tamau da roba ko igiya, tsaga da reza, ƙaho, tsotsa da baki, manna baƙin dutse da shafa dakakken ganye ko toka. Tsaga ga wanda kububuwa ta sara buɗe wa jini ƙofa ne, jinin da ba zai tsaya ba. Ɗauri tamau yana kumbura ƙafa da kansa, sai a rasa wane ne kumburin dafi wane ne na igiya, kuma idan ya daɗe yana kashe gaɓar. In an iske an riga an ɗaure tun da jimawa, kada a kwance shi farat ɗaya a hanya. A faɗa wa ma'aikatan asibiti tun daga ƙofa, su kwance bayan sun shirya.

Don zafi, farasitamol kawai. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak, irin waɗanda ake haɗa wa manoma a kemis don ciwon jiki, suna ƙara zubar jini. Haka ma allura a ɗuwawu: ga wanda jininsa ba ya daskarewa, jini zai taru a cikin tsoka ya yi ƙullutu. Tsayawa kemis a hanya asara biyu ce, ta lokaci da ta jini.

Biro da igiya

Abin da likita yake son sani game da kumburi ba girmansa a wani lokaci guda ba ne, saurin tafiyarsa ne. Ƙafar da ta kumbura zuwa idon sawu cikin minti 30 daban take da wadda ta kai nan cikin awa goma, ko da a hoto kamarsu ɗaya. Ana kama wannan saurin da biro.

A fara daga sama, inda fata take lafiya, a riƙa danna yatsa a hankali ana gangarowa wajen raunin. Inda fata ta fara tauri, ko inda majinyaci ya ce nan ne zafi ya fara, nan ne iyaka. A ja layi a wurin, a rubuta lokaci a gefensa. Bayan minti 30 a sake, a ja sabon layi da sabon lokaci. Idan kumburin yana gudu, a yi duk minti 15. Biro mai shuɗi ba ya fitowa sosai a fata mai duhu da zufa, don haka a goge wurin ya bushe, a maimaita layin sau biyu ko uku. Alli ma yana yi, ko a manna filasta a yi rubutun a kanta.

In akwai tef ɗin tela, a auna kaurin gaɓar a wuri ɗaya da aka yi wa alama, a auna ɗaya ƙafar a daidai wurin don kwatance. In babu, igiya ko zare ya isa: a zagaya, a ƙulla inda ya haɗu, a cire. Kada a bar shi a jiki.

Sai a taɓa matse-matsi idan a ƙafa ne, ko hammata idan a hannu ne. Kaluluwa mai zafi a nan tana nufin dafi ya riga ya bi hanya ya wuce inda kumburin ya tsaya.

Ga ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi, don a san abin da layukan ke faɗa. Kumburin da ya tashi daga tafin ƙafa ya haye idon sawu, ko daga hannu ya haye tsintsiyar hannu, cikin 'yan awanni, alama ce ta dafi mai yawa. Haka wanda ya cinye fiye da rabin gaɓar cikin kwana biyu. Sara a yatsa kuwa, ko kumburin bai yi nisa ba ana ɗaukarsa da muhimmanci, don yatsa ba shi da wurin da zai buɗa, nan da nan naman ke mutuwa. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya sa a ba da maganin dafi. Amma a lura da kyau: wannan ma'auni na yanke shawarar ba da allura ne a asibiti, ba na yanke shawarar tafiya ba. Tafiya an riga an yanke ta tun lokacin da maciji ya sara.

Inda hoto yake da wuri

Hoto ba haramun ba ne. Yana da amfani guda: waya tana ajiye lokacin da aka ɗauka, kuma jerin hotuna uku na ƙafa mai layukan biro suna nuna tafiyar kumburi a sarari. Sharaɗin shi ne wanda ke ɗauka ba shi da wani aiki a hannu, kuma ba a tsayar da komai dominsa ba. Ko ana jiran abin hawa bayan an gama ɗaurin kara, ko ana cikin mota tana tafiya. A kan babur ba a ɗauka, mai riƙe da majinyaci hannunsa biyu na riƙo ne.

Hoto ɗaya daga nesa kaɗan, ƙafafu biyu a jere don a ga bambanci, ya fi goma na kusa da hudar. Ba a kwance ɗauri don hoto, ba a wanke wuri don ya fito, ba a juya ƙafa neman haske, ba a matsa rauni don jini ya nuna. Idan na farko bai fito ba, a bar shi.

Hoton macijin ma haka. In yana nan a fili, ana iya ɗauka daga nesa, taku biyar ko fiye, shi ke nan. Ba a bin sa cikin ciyawa, ba a ɗaga dami ko tona rami. Mai neman macijin yana iya zama mutum na biyu da za a sara a rana ɗaya. In an riga an kashe shi, kada a taɓa kan da hannu, don kan maciji yana iya sara ko bayan an datse shi. Asibiti ba ya buƙatar ganin maciji kafin ya yi magani. Alamomin jiki da gwajin jini ne ke jagora, kuma cikin magungunan dafi da ake amfani da su a Najeriya akwai wanda aka haɗa don kububuwa, kasa da gamsheƙa a kwalba ɗaya.

Idan kuwa akwai kuɗin kira ɗaya a waya, ga inda ya fi dacewa a kashe shi: a kira wani da ke kusa da babban asibitin da aka nufa, ya je ya tambaya ko akwai maganin dafin maciji a ajiye. Ba kowane asibiti ke da shi kullum ba, ƙaramin asibitin ƙauye kuwa da wuya. Sanin wannan tun ana hanya yana iya sa a miƙe Dutse, Birnin Kudu, Haɗeja ko Kano kai tsaye maimakon a yi zango biyu. Wannan kiran ma a cikin tafiya ake yin sa.

Misali daga gonar gyaɗa

A ce magidanci ne yana tattara harawa da la'asar, a ƙauyen da ke da tafiyar awa ɗaya zuwa babban asibiti. Ƙarfe 4:40 wani abu ya sare shi a bayan ƙafa, ya ga ɗan ƙaramin maciji ya shige ƙarƙashin tari. Ɗansa ya ruga neman babur. Ƙaninsa ya cire masa takalmi, ya ɗaura kara daga diddige zuwa saman gwiwa, ya ja layin farko ƙarfe 4:50, kumburin bai wuce faɗin tafin hannu ba. Huda ɗaya ce ake gani.

A irin wannan lokacin ne wani zai ce, "Kawu, bari in ɗauka in tura wa Yaya a Kano, ya ga ko mai dafi ne." Amsar da ta dace ita ce, "Ɗauka in ka ga dama, ɗana, amma babur na zuwa muna tafiya. Ka ce masa ya same mu a can."

Sun tashi 4:55. A bakin titi, inda suka koma mota ƙarfe 5:20, layi na biyu ya kai idon sawu, hudar kuma tana ta tsatsar jini. Sun isa kusan 6:00, layi na uku yana yatsa huɗu sama da idon sawu, ga kaluluwa a matse-matsi. Mutumin da bakinsa yake gaisawa, yana cewa da sauƙi.

Ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiya, ta zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ta ajiye ba a taɓa ba har minti 20. Sai ta karkata ta. Jinin lafiyayye zai tsaya guda, nasa ya kwarara. Wannan gwaji, wanda binciken da aka yi kan saran kububuwa a arewacin Najeriya a shekarun 1970 ya yaɗa shi, shi ne ke ganin abin da waya ba ta gani. Dole kwalbar ta zama gilashi, don a cikin roba ko sirinji jinin lafiyayye ma yana iya ƙin daskarewa, haka in an wanke kwalbar da sabulu. Idan gwajin farko ya fito lafiya ba a sallami mutum, ana maimaitawa, don lalacewar jinin tana iya ɗaukar awanni kafin ta bayyana.

An sa masa maganin dafi ta jijiya kafin 7:00, ma'aikaci yana tsaye a kansa da allurar adiranalin a kusa, saboda maganin kansa yakan tayar da ƙaiƙayi, amai ko toshewar numfashi ga wasu. Dalili ke nan da ba a sayo shi a yi a gida. Tsatsar jinin takan tsaya cikin rabin awa. Bayan awa 6 a sake gwajin kwalba, in jinin bai daskare ba a ƙara wani. Da yaro ne aka sara, adadin maganin ɗaya ne da na babba, don maciji bai rage dafin ba saboda ƙanƙantar yaron.

Yanzu a mayar da agogo 4:50, a ce an tsaya. Minti goma neman hoto mai kyau, minti ashirin neman inda sabis yake, Yaya yana bakin aiki bai duba WhatsApp ba sai bayan magariba. Abin da ya gani huda ɗaya ce da ɗan kumburi, hoton da ya tsufa da awa biyu. Ko ya ce a kawo shi, dare ya yi, masu babur sun watse, sai a ce da safe. In kuma ya ce bai ga abin tsoro ba, an samu hujjar zama. Da safe majinyaci ya tofa yawu da jini. Maganin dafi har yanzu zai yi aiki a kan jinin, ko bayan kwanaki ne, don haka wanda ya makara ma ya tafi. Amma ba ya dawo da naman da ya riga ya mutu, ba ya kwashe jinin da ya riga ya zuba a cikin kai.

Abin da mai rakiya zai riƙa dubawa a hanya

Ido ya fi zama a fuska fiye da ƙafa. A ɗaga leɓe a duba dasashi, a sa shi ya tofa yawu a ga launinsa. A duba tsofaffin miki, kaciya ko tsagar da ba ta gama warkewa ba, da hanci. A ce ya kalli sama ba tare da ɗaga kai ba: in fatar idon ba ta bi ba, a gaya wa direba ya ƙara wuta. In amai ya zo ko ya fara gyangyaɗi, a kwantar da shi a gefen hagu, fuska ta ɗan kalli ƙasa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Mace mai ciki a tambaye ta a keɓe ko ta ga jini ko mararta na ciwo, a kuma faɗi cikin tun a ƙofar asibiti, ko da ƙarami ne ba a fara sanarwa ba.

Bayan an ba da magani kumburi ba ya sacewa nan take. Yakan ɗan ƙara hawa kwana ɗaya ko biyu, ya ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, a saran kasa fiye da haka, kafin ya sauka. Ba a fasa bororo a gida. Bayan sallama, in jini ya dawo a dasashi ko fitsari, ko ciwon kai mai tsanani ya taso, ko fitsari ya ragu, ko wurin ya yi baƙi ya fara wari, a koma a ranar. Zazzaɓi, ƙuraje masu ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi da ke zuwa bayan kamar mako guda galibi daga maganin dafin ne, suna da magani, a je da takardar sallama a nuna.